Malafan marasa lafiya: a kai su kilawud ko a ajiye sabar a cikin asibiti?

Dakta Halima, Gadarif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masu ilimin kwamfuta. Waɗanda suka san ni sun san a Madani nake da ɗan asibitina kafin Disamba 2023. Ranar da yaƙin Sudan ya kore mu, da jakar hannu kawai na fito. Kwamfutar da ke ɗauke da malafan marasa lafiya, wato fayilolinsu, na shekara 6 tana ƙarƙashin tebur, kwafin da nake alfahari da shi kuma yana cikin durowar teburin nan dai. Da aka samu komawa, ba kwamfuta, ba durowa, ba ma teburin. Yanzu na buɗe wani a nan Gadarif. Likita biyu ne, da sista biyu, da ɗakin gwaji, da yarinya mai karɓar mutane a ƙofa. Muna ganin mutum 50 a rana, in damina ta kankama ya fi haka. Har yau a littafi muke rubutu. Mutum biyu sun zo mini: ɗaya ya ce in sayi sabar, wato kwamfutar da za ta riƙe bayanan, a kafa a ɗakin ajiya, ɗaya ya ce wannan tsohon yayi ne, in yi haya a kilawud in riƙa biya duk wata. Wanne zan bi? Ba na son abin da ya same ni ya sake samuna.

Abu Usman, Jidda: Wa alaikumus salam Dakta. Allah ya mayar da alheri. Ai labarinki da kansa ya ba da amsa. Da a kilawud suke, kina isowa Gadarif sai ki ari waya ki shiga, komai na nan. Ni shekara 4 ina kula da kwamfutocin wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Jidda, ba mu da sabar ko ɗaya a ginin. Ba ƙura, ba zafi, ba ɓarawo. Wanda ya ce ki sayi sabar, so yake ya sayar miki da ƙarfe.

Sista Hauwa, Kasala: Yaya Abu Usman, Fabrairun 2024 kana ina?

Abu Usman, Jidda: Ina nan Jidda, ina ta kiran gida ba ya shiga.

Sista Hauwa, Kasala: To ka gani. Zain da MTN da Sudani, duka uku suka ɗauke lokaci guda. Bankak ya tsaya, mutum da kuɗinsa a waya ya kasa sayen burodi. Mu kuma ba a rufe asibiti ba ko na yini ɗaya, masu gudun hijira cike da baranda. Da malafanmu na sama, da me za mu duba? Mai kala'azar allura ake masa kwana 17 a jere. In ka kasa ganin yau kwana na nawa ne, ba za ka ce masa ya koma gida sai shabaka ta dawo ba.

Abu Usman, Jidda: Wannan yaƙi ne Sista, ba kullum ba ne.

Sista Hauwa, Kasala: Yunin 2019 fa, da aka yi sama da wata babu intanet a waya? Oktoban 2021 fa, da aka yi fiye da mako uku? Lokacin ai ba a fara wannan yaƙin ba.

Baba Alhaji, Maiurno: Ku tsaya in tambaya, ni tsoho ne. Wannan kilawud ɗin, ba shi ne wanda jikana ya sa hotunan biki a ciki, washegari duk dangi suka gani har na Kano ba? Dakta 'yata, kada ki sa asirin matan mutane a wurin da kowa zai buɗe.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Baba, barka da yamma. Wancan na jikanka shi ya raba wa mutane hanyar shiga da hannunsa. Kilawud ba wani abu ba ne illa kwamfutar wani kamfani da ke wani gari, kana haya, kana shiga ta intanet. Ana iya kulle ta, ana iya barinta a buɗe, kamar shago. Amma tsoronka yana da tushe, zan dawo kansa.

Dakta, na karanta duka. Abu Usman da Sista Hauwa kowa ya faɗi gaskiya, sai dai ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Sista tana maganar yau da safe: mara lafiya na zaune a gabanki, shabaka babu, za ki iya buɗe malafinsa? Abu Usman yana maganar ranar da ginin ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya same ki a Madani ba laifin sabar ba ne. Asali da kwafi ne suka kwana a ɗaki ɗaya.

Abin da nake kafa wa asibitoci irin naki shi ne aiki ya gudana a kan ƙaramar kwamfuta a cikin gini, wadda wayoyi da laftof ɗin ma'aikata ke samu ta rauta ko da babu intanet, sannan kowane dare a tura kwafi a kulle zuwa waje. Wato kilawud ya zama rumbu, ba teburin aiki ba. In shabaka ta ɗauke kwana 10, aikinku bai tsaya ba, kwafin waje ne kawai ya tsufa da kwana 10. In kuwa Allah ya kiyaye aka sake fita da jakar hannu, abin da kika rasa shi ne abin da aka rubuta tun daga kwafi na ƙarshe.

Abu Usman, Jidda: Bashmuhandis, ka ɗora mata aiki biyu ke nan. Wa zai kula da na'urar? Kai kana Bur Sudan. Kuma wutar fa? Ko an daina ɗaukewa?

Dakta Halima, Gadarif: Ina fa. Farkon 2025 da aka bugi tashar Shawak mun kwana a duhu ba sau ɗaya ba. Ko ba hari, ɗaukewar awa shida ba labari ba ce. Muna da sola amma firijin magani da fankoki sun cinye ta. Mai sayar da sabar ya nuna mini hoto, wata doguwa ce kamar ƙaramin firiji.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Kada ki saye ta. Irin wannan tana iya shan wat 150, a awa 24 ya zama wat-awa 3,600, kuma tana son ɗaki mai sanyi. Mutum bakwai ne za su yi aiki a kai, ba banki ba ne. Ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu biyu ta isa, mai ƙwaƙwalwa gigabayit 8 ko 16 da faifai marar juyawa. Tana shan kamar wat 15, rauta kamar wat 10. Jimla 25. A yini da dare wat-awa 600 ke nan.

Ga lissafin batir. Mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce. In na ruwa ne ko na jel, rabi kawai za ki ci in kina son ya yi rai, saura 600. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da sola ta fara kamawa, mu ce awa 14, na'urorin za su sha 350, inbata kuma za ta ci nata kaɗan. To batir ɗaya ya ishe ki dare ɗaya da ɗan ragi. Amma ke kina Gadarif, a Agusta ana iya yin kwana biyu hadari bai janye ba, don haka ki sa biyu, ko ɗaya na litiyam wanda ake iya cinye kusan duka. Falan sola ɗaya mai wat 300 ya wadatar.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa: wannan batirin nasu ne su kaɗai. Ranar da aka jona fanka ko cajin wayoyin ma'aikata a kai, lissafin ya rushe. Kuma mutuwar wuta farat ɗaya ana cikin rubutu ita ce ke lalata rumbun bayanai, fiye da zafi.

Musa Mai Chemis, Damazin: Ni dai duk wannan dogon zance ne. Shekara uku ina rubuta kayan shagona da bashin mutane a Excel, duk Juma'a in tura wa kaina a WhatsApp. Ban taɓa rasa komai ba. Dakta ki yi haka ki huta.

Dakta Halima, Gadarif: Malam Musa, kai kaɗai ke rubutu a naka. Ni mai karɓar mutane tana buɗe malafi, ina rubuta abin da na gani, mai gwaji yana sa sakamako, duk a kan mutum ɗaya cikin rabin awa. Na gwada Excel a Madani da farko. Mun wayi gari da kwafi huɗu, kowanne da tasa gaskiyar. Ga shi muna da Fatima Adam har guda tara.

Musa Mai Chemis, Damazin: To ki sa musu lamba mana.

Sista Hauwa, Kasala: Lambar ce suke mantawa da katin a gida, Malam Musa.

Abu Usman, Jidda: Bari in koma kan Bashmuhandis. Ka ce kowane dare a tura kwafi. Da wace shabakar? Mu a nan malafan shekara biyu sun haura gigabayit 200. Ka tura wannan ta layin waya a Gadarif mu gani. Sai dai ta sa Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, in kuwa ta sa Starlink to matsalar intanet ta ƙare, ta koma kilawud gaba ɗaya kamar yadda na faɗa.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Naku ya kai 200 ne saboda hotuna, ina jin kuna da na'urar hoton ƙashi da ta haƙori. Rubutu ba ya da nauyi. Mu lissafa nata. Mutum 50 a rana, kwana 300 a shekara, ziyara 15,000. In kowace ziyara ta ci kilobayit 20, har da bayanin wa ya buɗe wa ya gyara, shekara guda megabayit 300 ke nan. Bidiyon biki ɗaya ya fi shi.

Inda abin ke kumbura shi ne takardun da ake ɗauka da waya: takardar turowa daga wani asibiti, tsohon sakamakon gwaji, hoton ciki da aka buga. Waya tana fitar da hoto mai megabayit 3. Guda 20 a rana 60 ke nan, a shekara gigabayit 18. In aka rage kowanne zuwa kilobayit 300, wanda har yanzu ana karanta rubutun likita a kai in dai rubutun na karantuwa tun asali, ya koma megabayit 6 a rana.

Kuma ba duka ake turawa kullum ba. Manhajar da nake amfani da ita, restic, tana yanka bayanan gunduwa-gunduwa, ta kulle su tun a nan, ta tura gunduwoyin da suka canza kawai. Mu ce megabayit 30 a dare. A layin da ke tura megabit 1 a daƙiƙa, minti 4 ne. Ƙarfe uku na dare, lokacin da unguwa ta yi barci, ko layi mai rauni yana iya wannan.

Starlink kuwa, ban ƙi ba, ta ceci mutane da yawa a 2024. Amma faranti yana shan wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri, ya ninka duk abin da na lissafa a sama sau biyu zuwa huɗu. Ruwa mai ƙarfi yana yanke shi. Kuɗin wata da kuɗin waje ake biya. Ka ɗaura duk aikin asibiti a kan wannan igiya ɗaya? Ni a matsayin hanya ta biyu ta tura kwafi nake ganinta.

Abu Usman, Jidda: Lissafin hotuna na yarda. Amma ka tsallake tambayata ta farko. Wa zai sabunta manhaja, wa zai lura faifai ya fara mutuwa? A kilawud akwai mutanen da aikinsu ke nan dare da rana. Ƙaramar kwamfutarka tana ɗakin ajiya, ƙura na shiga, ba mai kallonta sai ranar da ta ƙi tashi.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Nan ka fi ni gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi kashe tsarin cikin gida shi ne rashin mai dubawa. Bari in ba da kunyata. Wani asibiti da na kafa wa OpenEMR, manhajar malafan marasa lafiya, na rubuta musu umarnin da ke fitar da kwafi kowane dare ya matse shi:

```
mysqldump openemr | gzip > /ajiya/openemr.sql.gz
```

Bayan wata biyu aka canza kalmar sirrin rumbun bayanan, ba a gaya mini ba. Ɓangaren farko na umarnin ya riƙa faɗuwa, na biyu kuma ya ci gaba da matse iska. Kowace safiya fayil na nan da kwanan watan ranar, kowa hankalinsa kwance. Wata biyar ana haka. Ranar da na je wani aiki daban na duba girmansa, bayit 20. Fayil ɗin da babu komai a ciki ke nan in an matse shi. Allah ya rufa asiri faifan bai mutu a tsakani ba.

Yanzu haka nake rubutawa:

```
mysqldump --single-transaction openemr > /ajiya/openemr.sql \
  && restic -r sftp:waje:/kwafi backup /ajiya /var/www/openemr/sites
```

Alamar `&&` tana nufin in na farko ya faɗi, na biyu ba zai tashi ba, don haka ba a tura fanko. Na kuma daina matsewa da gzip, domin matsewar tana sauya fasalin fayil ɗin duka, sai restic ta ɗauka komai sabo ne ta sake tura shi gaba ɗaya. Ita da kanta tana matsewa.

Dakta, ba sai kin iya waɗannan ba. Naki abu biyu ne. Kowace Asabar wani ya buga `restic -r sftp:waje:/kwafi snapshots` ya duba kwanan watan layin ƙarshe. In ya wuce kwana uku alhali akwai shabaka, a kira mai gyara. Sannan sau ɗaya a wata uku a ɗauko kwafin a buɗe shi a wata kwamfuta daban, a nemo mara lafiya ɗaya da kika sani, a ga komai nasa na nan.

Sai dai Abu Usman, kai ma ka bambance. In haya ce ta kwamfuta tsirara a kilawud, kamfanin yana kula da ƙarfe da wuta ne kawai. Sabunta manhaja da kwafi duk suna wuyan mai haya, kuma yanzu ƙofar tana kallon duniya baki ɗaya. Wanda ake yi maka komai shi ne kamfanin da ke sayar da manhajar asibiti a shirye. Shi kuma tambayar da za a yi masa kafin a sa hannu ita ce, ranar da na ce zan tafi, a wane fasali za ku ba ni bayanaina, kuma cikin kwana nawa?

Dakta Halima, Gadarif: Wanda ya zo mini da maganar kilawud ban yi masa wannan tambayar ba. Na dai tambaye shi biya, ya ce da kati na waje, in samu ɗan'uwa a Saudiyya ya buɗe da sunansa.

Sista Hauwa, Kasala: Nan fa ake yin ta. Wata ƙawata haka ta yi da shafin makarantarta. Ɗan yayarta ya buɗe da katinsa, aikinsa ya ƙare, iƙama ta ƙare, aka rufe asusun banki. Saƙon gargaɗi yana ta zuwa imel ɗinsa, shi yana fama da kansa. Ita sai gani ta yi shafi ya ɓace.

Abu Usman, Jidda: Wannan gaskiya ne, kuma ni kaina zan yi tunani kafin in sa sunana. A nan akwai dokar kare bayanan mutane, ta fara aiki a Satumba 2023, aka ba da shekara guda a shirya, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai. Mu shi ya sa namu ke zaune a cibiyar da ke cikin ƙasar, da yake manyan kamfanoni sun buɗe a Jidda da Dammam. Amma a ce ni ɗan iƙama ina riƙe da malafan asibitin wata ƙasa da sunana, wallahi sai na tambayi lauya tukuna. Ba rowa ba ce Dakta.

Dakta Halima, Gadarif: Na fahimta Yaya, ban ma roƙa ba tukuna ka fara gudu.

Abu Usman, Jidda: Gara in gudu da wuri.

Baba Alhaji, Maiurno: Sale ɗana, ka ce za ka dawo kan maganata, ka bi lissafin batir ka manta da ni.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Tuba nake Baba. Kwafin da ke tafiya waje a kulle yake fita, kamfanin da ke ajiye shi ba ya iya karanta ko suna ɗaya. Ko da ɗan'uwa ne ya biya kuɗin hayar, shi ma ba ya iya buɗewa sai da kalmar sirrin. Wannan ya ɗan rage nauyin da Abu Usman ke tsoro, ko da yake ban ce ya ɗauke shi ba. Amma kullewar tana da kaifi biyu. In kalmar ta ɓata, babu kamfanin da zai iya taimako, kwafin ya zama tsakuwa. In kalmar tana rubuce a cikin kwamfutar da aka sace kaɗai, an koma gidan jiya. Sai a rubuta ta a takarda biyu, a rufe a ambulan, ɗaya wurin Dakta, ɗaya a wani gari.

Asirin da kake tsoro kuwa, Baba, yawanci ba ta sama yake fita ba.

Sista Hauwa, Kasala: Ta ƙofa yake fita. Mu nan kowa ɗan'uwan kowa ne. Yarinyar da ke karɓar kati 'yar ƙanwar maƙwabciyar mara lafiya ce. Na yi aiki a wurin da duk ma'aikata ke shiga da suna ɗaya, kalmar sirrin na manne a jikin allon. Sakamakon gwajin ciki na wata yarinya ya riga ta isa gida. Da aka tashi bincike, na'ura ta nuna an buɗe malafin sau shida, duk da sunan nan ɗaya. Wa za ka kama? Dakta, ko a sama kika ajiye ko a ƙasa, kowa ya samu sunansa, kuma mai karɓar mutane ta ga suna da lamba da ranar dawowa kawai. Gwajin hanta da na ƙanjamau ba nata ba ne.

Baba Alhaji, Maiurno: Yauwa. Wannan na gane. Allah ya yi miki albarka.

Musa Mai Chemis, Damazin: Ni har yanzu ban ga abin da zai hana ɓarawo ɗaukar wannan ƙaramar kwamfutar ba. Ai ta fi babbar sauƙin sawa a aljihu.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Ba abin da zai hana shi, Malam Musa, wannan karon ka taɓo wuri mai ciwo. Maganinsa a kulle faifan kwamfutar duka, wanda ya ɗauka ya samu ƙarfe kawai. Amma to duk lokacin da ta mutu ta tashi, sai wani ya je ya buga kalmar sirri kafin ta fara aiki.

Sista Hauwa, Kasala: Ƙarfe biyu na dare, mace na naƙuda, batir ya ƙare, wuta ta dawo, Dakta tana gida. Wa zai buga? In ka ba mu duka kalmar, ta koma jikin allo. In ba ka ba mu ba, mun koma littafi.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Ba ni da amsa mai daɗi. Ni ina kullewa, in ba mutum biyu kalmar, in dogara da batir ya sa tashin ya zama sau ɗaya a wata. Wani abokin aikina ba ya kullewa, yana sa na'urar a akwatin ƙarfe mai huji ya ɗaure da bango. Mun yi shekara muna musu. Bayan abin da aka gani a Khartum da Madani ni na daina yarda da akwati.

Abu ɗaya da zan ƙara, Dakta: faifan waje guda biyu. Ɗaya a jone ana kwafi a kai, ɗaya a jakarki, a musanya su duk Alhamis, su ma a kulle. Amfaninsu biyu. In shabaka ta yi wata ba ta nan, su ne kwafinki na waje. In kuma wani ya jona filasha mai ƙwayar cutar nan da ke kulle bayanai a nemi fansa, tana cin duk abin da ke jone, wanda ke jaka ba ta kai gare shi.

Abu Usman, Jidda: Kun dai ji. Sola daban, batir daban, faifai biyu, ambulan biyu, duba na Asabar, musanya ta Alhamis. Ni ina nan a kan bakana: da zarar layi ya zauna a Gadarif, duk wannan wahala ce. In ta buɗe reshe na biyu fa? Kwamfuta biyu a gari biyu, kowacce da nata Fatima Adam.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Ranar da ta buɗe reshe, ko layi biyu daban suka yi shekara ba su yanke tare ba, zan zo nan in ce ka yi nasara. Haɗa rumbu biyu da ake rubutu a kowanne ba ƙaramin ciwon kai ba ne, ba zan ba ta shawararsa ba. Kuma manhajar ɗaya ce, ɗaukar ta daga ɗaki zuwa kilawud aikin yini ne in kwafin na da kyau.

Dakta Halima, Gadarif: Salam jama'a, na dawo bayan mako uku. Na ɗauki ƙaramar kwamfutar. Wani yaro da Bashmuhandis ya haɗa ni da shi ya kafa, mun fara da sababbin marasa lafiya kawai, tsofaffin littattafai sai a hankali. Jiya muka yi gwajin da aka ce. Na ce masa ya ɗauka an sace na'urar, ga faifan jakata, ga laftof ɗin ƙanena. Ya ɗauki awa uku. Sunaye suka fito, magunguna suka fito. Na ce ya buɗe mini hoton cikin wata mai juna biyu da na duba ranar Litinin. Sunan hoton na nan, hoton ya ƙi buɗewa.

Bashmuhandis Sale, Bur Sudan: Ya kwafi rumbun bayanai ya bar jakar `sites`. Rumbun yana riƙe da sunan takarda ne kawai, ita kanta takardar tana cikin `sites/default/documents`. Ki ce ya duba inda aka girka manhajar a na'urarki, mai yiwuwa ba inda na rubuta a sama ba ne, ya gyara hanyar, ku sake gwajin daga farko. Kada ki yarda da "na gyara" sai kin ga hoton da idonki.

Dakta Halima, Gadarif: Haka ne, ya ce a wani wuri take. Mun sake yau, hoton ya buɗe. Faifan kwamfutar ban kulle ba tukuna, sistocina sun goyi bayan Sista Hauwa, muna kan magana. Kwafin kilawud ma bai fara tafiya ba, don har yanzu ban samu wanda za a buɗe da sunansa ba. Yanzu dai faifan jaka ne kawai ke fita daga ginin.

Baba Alhaji, Maiurno: Ambulan ɗin nan na biyu, in ba ki samu wuri ba ki aiko. Takardun gonar mahaifina suna hannuna tun kafin a haife ki, ko gara ba ta taɓa su ba.

Dakta Halima, Gadarif: Na gode Baba, zan ba direban da ke zuwa Sinnar ranar Lahadi. Yaya Abu Usman, lauyan nan fa, ka tambaya?

Abu Usman, Jidda: Ya yi tafiya Umra da iyalinsa, sai ya dawo. Kafin nan ki turo mini girman kwafin yanzu, in ga ko wane irin wuri za a nema.